Jimillar makamashin bugu mai kusurwa huɗu: me ya sa lissafina na ɓangaren firikwensi bai dace da na lokaci ba?

Ɗalibar aji uku

Assalamu alaikum, malamai da yayye. An ba mu aikin gida a darasin sigina, kuma kwana biyu ke nan ina fama da shi. Bugun lantarki ne guda ɗaya mai kusurwa huɗu, tsayinsa bolt 5, faɗinsa maikurosakan 2, an ɗora shi a kan rasista mai om 50. An ce mu fitar da makamashinsa ta ɓangaren lokaci, mu sake fitar da shi ta ɓangaren firikwensi, sannan mu nuna cewa amsar ɗaya ce.

Ta ɓangaren lokaci ban sha wahala ba. Na ninka 5 da kansa na samu 25, na raba da 50 na samu rabin wat, na ninka da maikurosakan 2, amsa ta fito maikurojul 1 cif. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, bayan na yi sauyin Fourier na tara filin da ke ƙarƙashin zanen gaba ɗaya, sai na samu maikurojul 6.28. Abokiyar karatuna ta bi tata hanyar ta samu 0.45. Ba zai yiwu mu duka biyun mu yi daidai ba, kuma ina zargin babu wadda ta yi daidai a cikinmu.

Injiniyan sadarwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amsarki ta riga ta nuna inda kuskuren yake, domin 6.28 ba komai ba ne illa 2π. Kin yi taron filinki a kan ω, wanda ake aunawa da radiyan a sakan, alhali kin yi amfani da siffar dokar Parseval da aka rubuta domin f, wanda ake aunawa da haz. Tun da ω daidai yake da 2πf, kowane ɗan taki a kan ω ya ninka na f sau 2π, saboda haka dole ki raba amsarki da shi. Ga yadda siffofin biyu suke:

```
∫|x(t)|² dt = ∫|X(f)|² df = (1/2π) ∫|X(ω)|² dω
```

Abokiyarki kuma ta manta da firikwensin da ke ƙasa da sifili, sai ta tara rabi kawai. Idan ta ninka 0.45 sau biyu za ta samu 0.9, wanda a wurin aiki muke ɗaukarsa tamkar 1, domin abin da ke bayan babban tudu na tsakiya ba a lissafa shi. Kashi 10 ɗin nan ya ɓace ne a hanya.

Malamin sigina

Injiniya ya yi daidai a kan 2π, kuma ya yi daidai cewa abokiyar ta bar rabin zanen. Amma jimlarsa ta ƙarshe ba zan bari ta wuce ba, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke rasa ma'anar aikin baki ɗaya. Babu abin da ya ɓace. Ba a tura bugun ta wata waya ba, ba a tace shi ba, an dai kwatanta abu guda ta hanya biyu. Idan lissafin ya ba da 0.9, ma'anarsa ita ce mai lissafin ya tsaya bai kai ƙarshe ba.

'Yata, bari mu bi shi da lambobinki. Bugu mai tsayi A da faɗi T yana da wannan sauyin:

```
X(f) = A·sin(πfT) / (πf)
```

A sifili darajarsa AT ce, wato 5 sau maikurosakan 2, kashi 10 cikin miliyan na bolt-sakan. Idan kika ninka wannan da kansa, kin samu ƙololuwar zanen da za ki tara filinsa. Zanen yana sauka ya taɓa sifili a karon farko a inda f ya zama 1/T, wanda a wurinki kilohaz 500 ne, dama da hagu, sannan ya sake taɓawa a megahaz 1, da 1.5, haka har abada, yana yin ƙananan tuddai a tsakani. Duk aikin ya rataya ne a kan sakamako guda sananne, cewa idan aka tara sin²u/u² daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana samun π. Idan kika sa u a madadin πfT, π ɗin yana cinye ɗan uwansa, sai ya rage ƙololuwar sau 1/T:

```
(AT)² × (1/T) = A²T = 25 × 2×10⁻⁶ = 5×10⁻⁵ V²·s
5×10⁻⁵ / 50 Ω = 1×10⁻⁶ J
```

Akwai wata hanya da nake nuna wa ɗalibai a allo domin su riƙe wannan a ka. Ki ja layi daga ƙololuwar zuwa sifili na farko a dama, ki ja wani zuwa sifili na farko a hagu. Alwatikar da ta fito tana da gindi 2/T da tsayi A²T², kuma filinta, rabin gindi sau tsayi, ya zama A²T. Wato filin wannan alwatikar daidai yake da filin zanen gaba ɗaya, har da tuddan da ba su da iyaka. Babban tudun shi kaɗai bai kai ta ba; yana ɗauke da kashi 90.3 cikin 100 ne. Rabin wannan shi ne 0.45 da abokiyarki ta samu, don haka kuskurenta biyu ne ba ɗaya ba.

Mai haɗa sola

Salamu alaikum. Na ga ana maganar makamashi da siginar kusurwa huɗu, shi ya sa na shigo. Ni sana'ata haɗa sola ce, kuma masu saye suna yawan tambayata ko ƙaramar inbata mai fitar da wuta mai kusurwa huɗu ta fi adana batir a kan wadda take fitar da wuta mai santsi. Na lura fanka tana ƙugi kuma tana ɗumi a kan irin ta farko. Shin kashi 10 da kuke cewa shi ne yake zama wannan zafin?

Malamin sigina

Malam mai sola, tambayar ɗalibar ba ta adana batir ba ce, amma abin da ka gani ɗan uwan batunmu ne na kusa. Bambancin shi ne nata bugu ɗaya ne ya zo ya wuce, naka kuwa yana maimaituwa sau 50 a kowane sakan ba tsayawa, saboda haka ba a tara makamashinsa, sai dai a auna ƙarfinsa na wat. Rabonsa ma daban yake. A cikakkiyar wuta mai kusurwa huɗu, haz 50 na asali yana ɗauke da 8/π² na jimillar, wato kusan kashi 81, haz 150 yana da kashi 9, haz 250 kuma kashi 3 da ɗoriya, sauran suna biye. Waɗannan na saman ba sa taimaka wa fanka juyawa yadda ya kamata, su ne suke kawo ƙugi da ƙarin ɗumi. Sai dai kada ka gaya wa mai saye cewa kashi 19 na batirinsa yana ƙonewa, domin wannan rabon na boltej ne da aka ninka da kansa, kuma naɗin wayar fanka yana ƙara tare wuta yayin da firikwensi yake hawa.

A gaskiya irin naka ne ma ya fara zuwa a tarihi. Parseval ya gabatar da sakamakonsa a kan jerin lambobi a 1799, Rayleigh ya yi amfani da siffar da ɗalibar take nema a 1889, Plancherel kuma ya kafa ta da cikakkiyar hujja a 1910. Shi ya sa za ku ga littattafai suna kiran abu ɗaya da sunaye uku.

Ɗalibar aji uku

Na gode, Malam, na gode Yaya Injiniya. Na gyara 2π, amsa ta zauna. Amma yanzu batun kashi 10 ɗin ne ya tsaya mini. Idan tudu na farko ya kwashe kashi 90, na ɗauka tudu ɗaya ko biyu na gaba za su kammala sauran. Na gwada a kwalkuleta har zuwa megahaz 1.5, ban wuce kashi 96 da ɗan wani abu ba. Ko na sake yin wani kuskuren ne?

Malamin sigina

Ba ki yi kuskure ba, kin ma taɓo wurin da ya fi komai daɗi a wannan misalin. Zuwa megahaz 1 za ki samu kashi 95, zuwa 1.5 kashi 96.6, kuma daga nan tafiyar sai ƙara nauyi take yi. Dalilin yana cikin siffar da na rubuta a sama. Idan aka yi nisa da tsakiya, sin² yana hawa yana sauka tsakanin sifili da ɗaya, matsakaicinsa rabi, don haka abin da ya rage shi ne 1/f² a ƙasa. Idan kika tara wannan daga wani firikwensi F zuwa can, dama da hagu, kason da kika bari a waje ya kusanci wannan:

```
1 / (π² · F · T)
```

Ki gwada shi. A F na megahaz 1, FT ya zama 2, amsa kusan kashi 5, daidai da abin da muka gani. Idan kina son ki bar kashi 1 kacal a waje, sai FT ya kai kusan 10, wato megahaz 5. Idan kina son kashi 99.9, sai megahaz 50. Duk lokacin da kike son ki rage ragowar sau goma, sai kin ninka faɗin sau goma. Laifin kuwa na gefunan bugun ne guda biyu, inda boltej ya tashi daga sifili zuwa 5 ba tare da ɗaukar lokaci ba. Irin wannan tsalle ba ya ginuwa sai da firikwensi masu tsananin sauri, kuma komai nisan da kika je, akwai sauran ɗan abin da ake bin ki.

Wannan ne ya sa ban yarda a ce jelar, wato ƙananan tuddan da ke bayan babban tudun, ba a lissafa ta ba. Makamashinta kaɗan ne, amma ita ce take riƙe da kaifin kusurwoyin. Idan kika yanke ta a kilohaz 500, abin da zai fito tudu ne mai santsi wanda babu wanda zai kira shi mai kusurwa huɗu, duk da cewa kashi 90 na makamashin yana cikinsa.

Injiniyan sadarwa

Malam, na karɓi gyara a kan kalmar ɓacewa, ban faɗe ta daidai ba. Amma ina nan a kan bakana ta fuskar aiki. Idan manufar ita ce na'urar karɓa ta gane ko an aiko bugu ko ba a aiko ba, buɗe ƙofa har megahaz 5 hasara ce, domin hayaniyar da take shigowa tana ƙaruwa daidai da faɗin ƙofar. Ka ninka hayaniya sau goma domin ka ƙara kashi 9 na sigina, wannan ciniki ne da babu injiniyan da zai yi. Kuma a zahiri babu bugun da yake tashi nan take. Idan yana ɗaukar nanosakan 20 kafin ya kai sama, daga wajen megahaz 16 jelar tana fara faɗuwa da sauri fiye da yadda wannan lissafin ya nuna.

Tsohon mai gyaran rediyo

Ku yi haƙuri da tsoho, ni ban yi karatun jami'a ba, amma shekaruna da yawa a gaban teburin gyara, kuma ina da osiloskof da janaretar sigina da nake gwaji da su. Da na karanta maganarku jiya da dare sai na ce bari in gani da idona. Na saita bugun yadda yarinyar ta faɗa, na sa rasista mai om 1000 a jere, da kafasita mai fikofarad 330 zuwa ƙasa, domin a lissafina wannan yana yankewa a kusa da kilohaz 500. A allon na ga bugun ya tashi a kwance kamar bayan kunkuru, ya kusan kai bolt 5, sannan ya sauka da doguwar jela. Na kwashe lambobin, jikana ya tara mini su a kwamfuta, aka samu kashi 82 na abin da ya shiga. Na sa ran 90. Ina takwas ɗin suka tafi, ko kafasitar ce ta gaji?

Malamin sigina

Baba, kafasitarka lafiyarta lau, kuma gwajinka ya fi bayanina amfani. Kashi 90 na matatar da take yanka kamar wuƙa ne, wadda take barin komai a ƙasa da kilohaz 500 ya wuce cikakke, ta hana komai a sama. Taka ba haka take ba. Rasista da kafasita suna fara rage sigina tun daga nesa: da waɗannan ƙimomin iyakarta kilohaz 482 ce, inda take barin rabi, amma tun a kilohaz 250, inda babban tudun yake da kauri, kusan kashi 79 kawai take bari. Abin da ta ci daga cikin tudun ya fi ɗan abin da ta bari ya tsallake daga jelar.

Ana iya tabbatar da wannan ta ɓangaren lokaci ba tare da an taɓa Fourier ba. Idan τ shi ne rasista sau kafasita, wato maikurosakan 0.33, aka tara hawan da saukar da ka gani a allo, kason da ya fito shi ne:

```
1 − (τ/T)·(1 − e^(−T/τ)) = 1 − 0.165 × 0.998 ≈ 0.835
```

Kashi 83.5 ke nan. Janaretarka tana da om 50 nata a ciki, wayar awon osiloskof kuma tana ƙara wasu 'yan fikofarad, dukansu suna tsawaita τ, don haka 82 da ka samu abin da ya kamata ka samu ne. Wanda ya ninka zanen ɗalibar da abin da matatar take bari a kowane firikwensi, ya tara, zai dawo kan 83.5 ɗin nan, kuma wannan ne ainihin amfanin dokar: ka zaɓi ɓangaren da lissafi ya fi sauƙi, ka san amsar za ta tsaya a ɗayan.

Abu ɗaya zan ƙara, Baba. Abin da jikanka ya tara boltej ne da aka ninka da kansa, ba jul ba. A haɗin naka babu rasista mai om 50 a bakin fita da zai sha maikurojul guda. Kafasitar tana ɗaukar nanojul 4 ne kacal ta mayar, don haka kada a ce kashi 18 na maikurojul ya zama zafi a cikin rasistar.

Ɗalibar aji uku

Malam, na sake dawowa. An ce mu tabbatar a kwamfuta ma, ga abin da na rubuta:

```
import numpy as np
fs, N = 100e6, 2000
x = np.zeros(N); x[:round(2e-6*fs)] = 5.0
X = np.fft.fft(x)
print(np.sum(x**2)/fs/50)
print(np.sum(abs(X)**2)/N/fs/50)
```

Da farko na manta da raba wa da `N`, layi na biyu ya ninka na farko sau 2000, amma na gano da kaina. Yanzu dukansu suna ba da maikurojul 1, kuma da na tara abin da ke cikin kilohaz 500 kawai na samu 0.903. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na rage `fs` zuwa megahaz 1, bugun ya zama samfur biyu kacal, layukan biyu suka sake ba da maikurojul 1 daidai, amma yanzu duk makamashin yana cikin kilohaz 500. Kashi 100, ba 90 ba. To ina jelar?

Injiniyan sadarwa

Ƙanwata, wannan na san shi, domin ya taɓa cin mini kwanaki a wurin aiki. Idan kina ɗaukar samfur sau miliyan ɗaya a sakan, kwamfutar ba ta da wurin ajiye wani abu sama da kilohaz 500. Jelar ba ta tafi ko'ina ba, an naɗe ta ne ta faɗo a kan babban tudun ta gauraya da shi. Abin da yake a kilohaz 700 zai bayyana a matsayin 300, ba kuma yadda za ki raba su bayan haka.

Malamin sigina

Haka ne. Darasin da zan so ki rubuta a rahotonki shi ne cewa daidaituwar layukan nan biyu ba ta shaida cewa kin ɗauki samfur yadda ya kamata. Kowane jerin lambobi kika ba `np.fft.fft`, ko da shirme ne, jimillar biyu za su dace, domin dokar tana aiki a kan lambobin da kika ba ta, ba a kan bugun da kike nufi ba. Abin da take kamawa shi ne kuskuren ma'auni, irin `N` da kika manta da 2π na ranar farko. Idan kina son ki san ko samfurinki ya isa, ki ninka `fs` sau biyu ki ga ko kason da ke cikin babban tudu ya motsa. A megahaz 100 ba zai motsa ba yadda za ki lura, domin abin da ke bayan megahaz 50 kashi ɗaya ne cikin dubu.

Game da maganarka ta baya, Injiniya, na yarda da kai idan ganewa kawai ake nema; a can ma wani lokaci ƙasa da babban tudun ake buɗewa. Amma wanda yake auna lokacin isowar bugu, kamar a rada, gefen nan mai kaifi shi ne dukiyarsa, kuma kilohaz 500 ba zai ishe shi ba. Wanda kuma yake maƙwabtaka da kai a zangon rediyo, tudun farko na jelarka desibel 13 kacal yake ƙasa da ƙololuwa, kuma a cikin gidansa yake sauka.

Injiniyan sadarwa

A kan maƙwabci ba ni da ja, shi ya sa ba ma aika bugu mai kusurwa huɗu a iska sai an goge masa gefuna. A kan rada kuwa ina ganin ka ba gefen nauyin da ya wuce nasa, domin can a jelar hayaniya ta riga ta rufe siginar a mafi yawan lokuta. Zan nemi lambobi na gaske in kawo, mu gwada a kansu.

Ɗalibar aji uku

To ni a tambaya ta ƙarshe ta aikin an ce mu faɗi faɗin zangon bugun, lamba ɗaya, ba a ce wane ma'auni ba. Zan rubuta kilohaz 500 in bayyana cewa kashi 90.3 ne a ciki, in ƙara layi ɗaya cewa kashi 99 yana buƙatar kusan megahaz 5. Baba, idan ka samu dama, don Allah ka canza kafasitar zuwa fikofarad 33 ka gaya mana abin da ka gani. Lissafina ya ce kashi 98, amma ina zargin wayar awon za ta rage shi.